Idan Shafi Ya Tashi, A Bar Wa Baƙo Kwatance

A kasuwa, idan mai shago ya tashi, yakan bar wa maƙwabci sallahu: duk wanda ya zo nemana, a nuna masa sabon wuri. A intanet kuwa masu shafuka da yawa sukan tashi ba sallama, baƙo ya iso ya tarar da saƙon “404 Not Found”, wato ba a sami abin da yake nema ba, sai ya juya.

A ɗauka wata mai sayar da atamfa ta sake tsarin shafinta. Adireshin da yake `/atamfa.html` ya koma `/kaya/atamfa`, alhali tsohon yana ta yawo a WhatsApp tun bara. Idan shafin nata yana kan manhajar Apache, layi biyu a fayil ɗin `.htaccess` sun isa:

```
Redirect 301 /atamfa.html /kaya/atamfa
ErrorDocument 404 /404.html
```

Layin farko yana kai duk wanda ya latsa tsohon adireshi zuwa sabo. Lambar 301 na nufin an tashi ke nan har abada, don haka Google zai maye gurbin tsohon da sabon. Idan tashin na ɗan lokaci ne, 302 ake sawa, domin burauza takan riƙe 301, gyara shi daga baya kuma yakan yi wuya.

Layi na biyu na wanda ya ɓata ne gaba ɗaya, kamar wanda ya yi kuskuren rubuta adireshi. Shafin da za a nuna masa ya kasance da suna da tambarin shagon, don ya san yana inda ya nufa. A gaya masa a taƙaice cewa ba a sami abin ba, a sa masa wurin bincike da hanyoyi uku ko huɗu zuwa kayan da aka fi nema. Kada a cika shi da manyan hotuna masu cinye data.

Kuskuren da aka fi yi shi ne kora duk wanda ya ɓata zuwa shafin farko. Wadda ta zo neman leshi sai ta tsinci kanta a bakin ƙofa ba bayani, Google ma yakan ɗauki irin wannan a matsayin shafin da babu shi. Inda babu madadin da ya dace, gara a bar 404 ɗin.

Bayan an gama, a gwada tsohon adireshin da umarnin `curl -I`, a ga ya dawo da 301. Sannan a ƙirƙiri adireshin bogi a gwada. Idan ya dawo da 200 maimakon 404, akwai gyara, domin shafin yana shaida wa Google cewa abin da babu yana nan.