Yadda Ake Rubuta Sanarwar Ranar Ziyarar Iyaye a Makaranta

Kafin sabuwar shekarar karatu ta kama a watan Satumba, makarantun kuɗi kan ware rana guda domin iyaye su zo su ga azuzuwa, su gana da malamai. Takardar gayyatar takan sha ado da hotunan yara, amma abin da uba ko uwa ke nema layuka kaɗan ne a ƙasan hoton: yaushe ne, ƙarfe nawa, kuma nawa za a biya.

A fara da rana. A rubuta sunan ranar, da kwanan wata, da sunan watan, da shekara, domin takardar bara tana iya sake yawo a WhatsApp bana. Sannan a duba kalanda a tabbatar sunan ranar ya dace da kwanan watan. Idan suka saɓa, wasu iyayen za su bi sunan, wasu su bi lambar. A Kano, a kauce wa safiyar Asabar ɗin ƙarshen wata, saboda tsaftar muhalli da ke hana zirga-zirga har ƙarfe 10:00.

Lokaci kuma yana bukatar farko da ƙarshe. Ɗan kasuwa yana son sanin lokacin da zai koma shagonsa, don haka tashi kafin Azahar ya fi wa kowa sauƙi.

Inda aka fi samun matsala shi ne kuɗi. Idan aka rubuta ₦45,000 tsurarsa, wani zai ɗauka kuɗin shiga taron ne, wani ya ce na shekara ne, alhali na zango ɗaya ne cikin uku. Ga misalin yadda ya kamata:

“Iyaye, muna gayyatarku ku zo ku ga makarantarmu. Asabar, 15 ga Agusta, 2026, daga ƙarfe 9:00 na safe zuwa 12:30 na rana. Shiga kyauta ne. Fom: ₦5,000, sau ɗaya. Kuɗin makaranta na firamare: ₦45,000 kowane zango. Yunifom da littattafai: ₦30,000. Jimillar zangon farko: ₦80,000.”

Wannan jimillar ita ce amanar takardar. Uban da ya tanadi ₦45,000, ya zo aka ce masa ₦80,000, zai tafi yana ganin an rufe shi, kuma zai faɗa wa maƙwabta. In akwai kuɗin mota ko ragi ga mai yara da yawa, a faɗa a fili. A ƙarshe a sa adireshi da alamar da kowa ya sani, da lambar wayar da za a ɗaga.

Kafin a kai wa mai ɗab’i, a karanta wa wani da ba ya aiki a makarantar, sannan a tambaye shi rana, lokaci da kuɗi. Duk wanda ya kasa maimaitawa daidai, wannan layin ne ke bukatar gyara.