Yadda jarkar man gyaɗa ke kare wake daga ƙwari ba tare da magani ba

Duk wanda ya taɓa ajiye buhun wake tun daga kaka ya san abin da yakan tarar idan bazara ta kama. Waken da aka zuba sumul a watan Nuwamba, kafin Maris ya cika da huji, gari na zuba daga gindin buhu, ƙananan ƙwari kuma na tashi da zarar an kwance bakinsa. Tsoron wannan asara ke sa manomi ya sayar da wakensa lokacin da ya fi araha, sannan ya koma kasuwa ya saya da tsada idan damina ta kawo kai.

Wasu kuma sukan nemi mafita a wurin magani mai guba, musamman Sniper, wanda sinadarinsa shi ne dichlorvos. Ba a yi shi domin a yayyafa wa abin da za a ci ba. Yawan wannan sinadari ne ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya a shekarar 2015. Alhali kuwa a yawancin gidaje akwai abin da zai yi aikin ba tare da guba ba, wato tsohuwar jarkar man gyaɗa mai murfi mai kyau.

Kafin a fahimci yadda jarka ke aiki, sai an san inda ƙwaron yake fitowa. Mutane da yawa na zaton daga waje yake shiga buhu, amma galibi tun daga gona ake kwaso shi. Macen ƙwaron wake tana saka ƙwai a jikin kwanson wake tun yana gona, daga baya kuma a jikin ƙwayar waken kanta. Ƙwan ɗan mitsitsi ne, fari, manne da fatar wake. Idan ya ƙyanƙyashe, tsutsar ba ta fitowa fili. Kai tsaye take huda ƙwayar ta shige, ta ci ta girma a ciki. Cikin mako uku zuwa huɗu a yanayi mai zafi sai ta zama cikakken ƙwaro, ta fasa wannan zagayayyen huji da muke gani, ta fito. Kowace mace kan saka ƙwai gommai, don haka ƴan ƙalilan da suka biyo wake daga gona sun isa su lalata buhu cikin ƴan watanni. Shi ya sa wake zai iya zama tas a ido amma yana ɗauke da ɓarnarsa a ciki.

Ƙwaro da tsutsarsa suna numfashi kamar kowace halitta. A cikin iskar da muke shaƙa, kimanin kashi 21 cikin ɗari oksijin ne. Idan aka cika mazubi da wake aka toshe shi yadda sabuwar iska ba za ta shiga ba, ƙwarin da ke ciki su ne za su yi ta cin ɗan oksijin da ya rage har ya yi ƙasa sosai. Daga nan sai su daina ci, su daina girma da hayayyafa. Binciken masana a Jami'ar Purdue ta Amurka ya nuna wani abu mai ban sha'awa: tsutsar tana samun yawancin ruwan jikinta ne daga sarrafa abincin da take ci da taimakon oksijin, don haka idan ya yanke, bushewa take yi ta mutu. Ma'ana dai, ƙwarin ne ke kashe kansu.

A kan wannan ka'ida aka gina buhun nan mai ninki uku da ake kira PICS, mai leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje. Asalinsa aikin da Farfesa Larry Murdock da abokan aikinsa suka yi da manoman yankin Marwa a arewacin Kamaru tun ƙarshen shekarun 1980, kafin a fara yaɗa shi sosai a Yammacin Afirka daga 2007. Buhun yana da kyau ga mai wake da yawa. Amma ga uwargida mai kwano takwas ko goma, jarka ta fi sauƙi, kuma ɓera bai cika iya huda ta kamar yadda yake huda leda ba.

A ɗauki misalin jarka mai cin lita 25. Sharaɗi na farko shi ne a san abin da ta taɓa ɗauka. Wadda aka zuba wa fetur, kananzir ko maganin feshi ba ta da wurin zama a wannan aiki, komai yawan wankin da aka yi mata, domin roba na riƙe wari da guba. Ta man girki ko ta ruwa ake so. A wanke ta da ruwan zafi da sabulu, a kifa ta, a bar ta kwana biyu ko uku a buɗe har cikinta ya bushe ƙayau.

Sai a gwada ta tun tana wofi. A ɗaure murfin tam, a shafa kumfar sabulu a bakinsa da wuraren haɗi, sannan a danne jarkar da gwiwa. Idan kumfa ta riƙa tasowa, ko jarkar ta lotsa a hankali tana fitar da iska, tana yoyo. Mafi yawan lokaci laifin daga murfi ne, musamman idan ƙaramin murfin ciki ya ɓata. Ana gyara wannan da leda mai kauri da aka ninka biyu ko uku, a shimfiɗa a bakin jarkar kafin a murɗa murfin, sannan a naɗe wuyan da tsinken robar tayar keke. Jarkar da ta tsage a jiki kuwa, a bar ta ga ɗiban ruwa.

Babban abin da ke ɓata wannan dabara ba ƙwaro ba ne, danshi ne. Buhun saƙa yana barin wake ya ci gaba da bushewa, jarka kuwa ba ta barin komai ya fita. Idan aka rufe wake da sauran laima, zai yi gumi, ya yi tsami, ya yi fumfuna, asarar ta fi ta ƙwari muni. Ana so danshinsa ya sauka zuwa kashi 12 ko 13 cikin ɗari. Ba kowa ke da na'urar awo ba, amma akwai gwaji biyu na gida. Na ɗaya a ciza ƙwaya: busasshiya takan fashe da ƙara, mai laima kuwa haƙori nutsewa yake yi a cikinta. Na biyu a sami busasshiyar kwalba, a zuba wake ya kai kashi ɗaya cikin uku, a ƙara cokali biyu na gishirin da aka shanya ya bushe sosai, a rufe, a girgiza, a ajiye na ɗan lokaci, a sake girgizawa. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, waken bai bushe ba, sai a mayar da shi rana. A arewa iskar hunturu na taimakawa. Wanda ya girbe wake mai saurin nuna tun ruwa bai ɗauke ba, shi ne ya fi bukatar ya kula.

Bayan shanya, a sheƙe waken, a tsince tsakuwa da waɗanda suka riga suka huje. Kada a zuba shi da zafin rana a jikinsa. A bar shi ya huce a inuwa, don wake mai zafi a rufaffen mazubi yana haifar da raɓa a jikin roba.

Wajen zubawa kuma, cikawa ake yi har wuya. A yi mazurari da yankakkiyar gorar ruwa, a riƙa zubawa ana jijjiga jarkar ana buga gindinta a ƙasa domin waken ya zauna. Jarka mai lita 25 takan ci kimanin kilo 19 zuwa 20, wato wajen kwano takwas, gwargwadon kwanon kowace kasuwa. Ɗan lissafi zai nuna dalilin nacewa a kan cikawa. Ko a cikakkiyar jarka, kimanin kashi 40 cikin ɗari na cikinta iska ce da ke tsakanin ƙwayoyi, wato lita 10 ga kilo 20, rabin lita ke nan ga kowane kilo. Idan rabi aka zuba, akwai lita 12 da rabi na sarari a sama, da lita 5 a tsakanin ƙwayoyi, jimla lita 17 da rabi ga kilo 10 kacal. Kowane kilo ya sami iska ninki uku da rabi. Ƙwarin za su daɗe suna ci suna huda wake kafin iskar ta ƙare musu. Wanda wakensa bai kai cika babbar jarka ba, gara ya nemi ƙarama, ko ya rarraba a gorunan ruwa da na lemo masu murfin murɗawa.

Da an rufe, sai haƙuri. A rubuta ranar a jikin jarkar, a ɗora ta a kan katako a ɗaki mai inuwa, nesa da murhu da hasken rana, a ƙyale ta aƙalla wata biyu. Nan ne mutane da yawa ke kuskure. Duk buɗewa ɗaya, ko don a leƙa ne, tana mayar da sabuwar iska, tsutsar da ta galabaita kuma ta farfaɗo. Gidan da ke dafa wake da shinkafa ko ƙosai kowane mako bai kamata ya dogara da mazubi ɗaya ba. A ware na ci a gefe, sauran kuma a raba su a mazubai da yawa, a riƙa buɗe ɗaya bayan ɗaya. Wannan ce matsalar duro mai lita 200: yana cin fiye da buhu guda, amma ranar da aka buɗe shi an buɗe duka.

Ana iya gane yadda abin ke tafiya ba tare da an buɗe ba. Sau da yawa gefen jarkar da ta toshe da kyau yakan ɗan shige ciki, wannan alama ce mai kyau. A gora mai haske, ganin ƴan ƙwari suna motsi a kwanakin farko ba abin damuwa ba ne. Idan har bayan wata guda suna yawo kuma suna ƙaruwa, iska na shiga ta wani wuri, sai a sauya murfi. Ɗigon ruwa a jikin roba ta ciki, ko jarka ta kumbura, alamar laima ce. Wannan ba a jira: a juye a sake shanyawa nan take.

Haka ake yi wa masara, dawa, gero da gurjiya, kuma irin shuka da aka rufe a bushe yana tsira da kyau idan damina ta zo. Sai dai dabarar tana da iyaka. Ba ta toshe hujin da aka riga aka yi, ba ta kuma cire gubar fumfuna daga masarar da ta riga ta lalace. Tukunyar ƙasa da rumbu ba sa cikin wannan lissafi, domin iska na ratsa jikinsu ko an liƙe baki. Kariyar kuma tana ƙarewa ne ranar da aka buɗe murfi, saboda babu wani magani da ya rage a jikin waken da zai hana sabon ƙwaro sauka. Abin da aka buɗe a cinye shi cikin ƴan makonni, ko a juye ragowar a ƙaramin mazubi da zai cika har wuya a sake toshewa.