WASIƘAR DA TA ƘI TSAYAWA: Yadda Ake Hana Saƙon Imel Yin Kewaye da Hayayyafa

Akwatin imel yana karɓar umarni daga mai shi. Ana iya rubuta masa doka cewa duk wasiƙar da ta iso da kaza, a ajiye ta a wuri kaza, ko a tura ta ga wane. Doka ɗaya ba ta cika kawo matsala ba. Rikici yakan taso ne idan dokoki da yawa suka haɗu a kan wasiƙa guda, domin kowace doka nata sharaɗin kawai take dubawa, ba ta san abin da 'yar'uwarta ta aikata ba. Wannan maƙala za ta bi diddigin wasiƙa ɗaya domin a ga yadda abin ke faruwa, da kuma yadda ake magance shi.

Alal misali, a ɗauka wata makarantar sakandare tana da akwatuna uku: na ofis, da na jami'in jarrabawa, da na mataimakin shugaba. A akwatin ofis akwai dokoki biyu. Ta farko ta ce wasiƙar da ke da kalmar "jarrabawa" a kanunta a tura ta ga jami'in jarrabawa. Ta biyu ta ce wasiƙar da ta fito daga ma'aikatar ilimi a tura ta ga mataimaki. Su kuma mutanen nan biyu, domin kada shugaba ya ce an ɓoye masa wani abu, sai kowannensu ya kafa dokar tura duk abin da ya samu zuwa akwatin ofis.

Ran nan sai ma'aikata ta aiko da jadawalin jarrabawa. Wasiƙar ta cika sharaɗin dokokin ofis duka biyu, saboda haka kwafi biyu suka fita. Kowane kwafi ya isa inda aka tura shi, nan take kuma aka juyo da shi ofis. Dokokin ofis ba su da ƙwaƙwalwar tuna abin da ya wuce, don haka suka ɗauki kowannensu a matsayin sabuwar wasiƙa. Biyu suka zama huɗu, huɗu suka zama takwas, tamkar yadda ƙwayar bakteriya ke rabuwa gida biyu. A zagaye na goma kaɗai, kwafi 1,024 ne za su fita. Akwatuna za su cika, wasiƙu masu muhimmanci kuma su rasa wurin sauka.

Masu tsara imel sun daɗe da sanin wannan haɗari. Duk na'urar rarraba wasiƙu da saƙo ya ratsa takan ƙara masa layi guda a samansa mai farawa da `Received:`, kamar hatimin da gidan waya ke bugawa a bayan ambulan. Idan layukan suka wuce iyaka, sai a tsayar da wasiƙar. Manhajar Sendmail ta sa iyakarta a 25, Exim a 30, Postfix kuma a 50. Amma wannan garkuwa tana makara. Idan kowane zagaye yana ƙara layi biyu, iyakar 50 za ta bar wasiƙa ta yi zagaye kusan 25, wanda a misalin makarantar nan lissafinsa ya haura kwafi miliyan 33. Shi ya sa Postfix ke da wata dabara mai sauri: tana rubuta layin `Delivered-To:` tare da adireshin da ta kai wa saƙo, kuma idan saƙon ya dawo wa adireshin da ke rubuce a jikinsa, sai ta mayar da shi ga mai aikowa da bayanin `mail forwarding loop`.

Sai dai garkuwar nan biyu suna aiki ne idan wasiƙar ta ci gaba da tafiya da hatimanta. A nan ne bambancin umarnin `Redirect` da na `Forward` a manhajar Outlook yake da muhimmanci. Na farko yana miƙa saƙon da sunan wanda ya aiko shi tun asali. Na biyu kuwa sabuwar wasiƙa yake ƙirƙira, ya zuba tsohuwar a cikinta, saboda haka ƙirgen hatimi yana iya komawa farko. Alamar irin wannan kewaye ita ce kanun wasiƙa da ke ta maimaituwa ɗauke da `FW:`. Alamar ɗaya nau'in kuwa ita ce sunayen na'urori biyu da ke ta karɓa-karɓa a layukan `Received:`.

Maganin farko ba ya bukatar na'ura. A zana kowane akwati a takarda, a ja kibiya daga mai turawa zuwa mai karɓa. Idan aka bi kibau aka dawo inda aka fara, to akwai kewaye, kuma dole a yanke kibiya ɗaya. A makarantar nan, abin da ya dace shi ne a buɗe akwati na huɗu na ajiya wanda ba shi da dokar turawa ko ɗaya. Jami'in jarrabawa da mataimaki su riƙa tura nasu can, shugaba kuma ya riƙa dubawa.

Magani na biyu shi ne tsara dokoki bi da bi. Harshen rubuta dokokin imel mai suna Sieve, wanda aka fara wallafa ƙa'idarsa a 2001 aka sabunta ta a 2008, yana bin dokoki daga sama zuwa ƙasa, ba ya tsayawa sai ya gamu da `stop` ko ya kai ƙarshe. A Outlook, takwaran wannan umarni shi ne `Stop processing more rules`. Ga yadda dokokin ofis za su kasance:

```
require ["fileinto", "copy", "duplicate"];
if duplicate {
  fileinto "Maimaici";
  stop;
}
if header :contains "subject" "jarrabawa" {
  redirect :copy "jarrabawa@example.org";
  stop;
}
```

Gwajin `duplicate`, wanda aka ƙara wa Sieve a 2014, shi ne ke ba akwati ƙwaƙwalwa. Yana duba lambar shaidar wasiƙa da ke layin `Message-ID:`, ya riƙe ta na wani lokaci. A zuwan farko wasiƙa za ta wuce. Idan ta dawo da lambar nan, sai a keɓe ta a jakar `Maimaici`, kewaye ya mutu a zagayen farko. Shi kuma `:copy` yana barin kwafi a ofis, domin `redirect` shi kaɗai yana hana a ajiye wasiƙar a akwatin da ya tura ta. Umarnin `stop` na ƙarshe yana hana dokar ma'aikata da ke ƙasa sake taɓa wasiƙar. Idan kuwa ana so mataimaki ma ya samu, sai a cire shi da gangan, bayan an tabbatar babu kibiyar da ke dawowa.

Wannan magani ma yana da iyaka. Wasiƙar da aka tura da `Forward` tana zuwa da sabuwar lamba, don haka gwajin ba zai gane ta ba. Bugu da ƙari, wasu na'urori marasa inganci kan maimaita lamba ɗaya a wasiƙu daban-daban. Dalili ke nan da ya sa aka keɓe maimaici a jaka maimakon a shafe shi da `discard`, tun da abin da aka shafe ba ya dawowa.

Daga ƙarshe, kafin a saki sababbin dokoki, a aika wasiƙar gwaji guda wadda ta cika sharaɗin dukkansu, a jira 'yan mintoci, sannan a ƙirga kwafin da ke kowane akwati. Idan ɗaya-ɗaya ne a inda aka nufa, aiki ya yi kyau. Idan adadin yana ƙaruwa, a fara kashe dokar turawa, sannan a koma ga takardar kibau.