Na Yanka Wa Damuwa Lokacinta

Kafin ka ci gaba da karatu, ka gwada wani abu a nan inda kake tsaye gaban allo: ka yi minti ɗaya ba tare da ka tuna farin raƙumi ba. Na san ba ka iya ba. Wani masani mai suna Daniel Wegner ya yi irin wannan gwaji a Amurka a 1987, ya gano cewa idan aka hana mutum tunanin wani abu, abin yakan riƙa dawo masa, daga baya ma ya fi yawa. Shi ya sa idan aka ce maka "daina damuwa" ba ya aiki.

Ni a zangon farko na bana damuwa ta hana ni sakat. Ina zaune wurin gwaggona a Birnin Kebbi saboda makaranta, iyayena kuma suna Argungu. Babanmu manomin shinkafa ne a fadama, kuma ruwa ya taɓa cinye masa gona gaba ɗaya a ambaliyar 2020. Da aka ce ruwan gulbi ya fara cika, sai ya zama malam yana bayani a aji, ni kuwa ina lissafin buhunan da za a rasa da wanda zai saya mini littattafai. A gwajin lissafi na farko na ci 4 cikin 20.

Wata malamarmu ce ta lura, ta kira ni, ta koya mini wata dabara. Ta ce kada in kori damuwa, in dai ce mata ta jira. Wani malamin ilimin halayyar ɗan Adam, Thomas Borkovec na Jami'ar Jihar Pennsylvania, shi da abokan aikinsa ne suka gwada dabarar a kan ɗalibai masu yawan damuwa, suka buga sakamakon a 1983. Sun ce kowa ya ware rabin awa kullum, a lokaci ɗaya kuma a wuri ɗaya, ya yi damuwarsa a ciki, sauran yinin kuma ya riƙa ɗage ta. Bayan mako huɗu sai aka ga lokacin da suke ɓatawa a damuwa ya ragu.

Dalilin shi ne damuwa tana sabawa da wuri. In ka saba yin ta a aji, da kan hanya, da kan tabarmar barci, to duk waɗannan wurare za su riƙa tuna maka ita. In ka tattara ta wuri ɗaya, a hankali sauran wuraren za su huta. Da malama ta faɗi haka sai na tuna Matan Fada. Ana hana kamun kifi a wurin sai lokacin biki, kuma ko ranar bikin masunta suna tsaye da homa da gora, babu mai faɗawa ruwa sai an ba da alama. Ba a ce kada a kama kifi ba, lokaci aka sa.

Ga yadda nake yi. Rabin awa ya yi mini yawa, saboda haka minti goma sha biyar nake ɗauka, bayan na dawo Islamiyya, a gindin dogon yaron da ke bayan ɗakinmu. Ba ni da agogo, amma kiran magariba ne ke tashina. Ina da 'yar takarda a shafin ƙarshe na littafina. Duk lokacin da damuwa ta zo da rana, sai in rubuta ta da kalma biyu ko uku kawai, in ce a raina "sai yamma", in mai da hankalina kan abin da ke gabana: muryar malam, ko kwanon da nake wankewa. In ta sake dawowa ba na sake rubutawa, ɗan layi kawai nake ja a gefenta.

Bari in nuna muku takardata ta wata Talata. Abu huɗu ne a kai: gonar baba, gwajin Juma'a, ƙawata ba ta amsa gaisuwata ba, takalmi ya tsinke. Da na zauna da yamma, kowanne na yi masa tambaya ɗaya: akwai abin da zan iya yi a kai?

Maganar ƙawata ta mutu da kanta, domin mun ci gyaɗa tare da aka fita tara. Na soke ta. Takalmi kuwa na rubuta: in gaya wa gwaggo yau, a kai wa mai gyara. Gwajin Juma'a ya fi ɗaukar lokaci. "Zan faɗi" ba abu ne da ake iya gyarawa ba, sai da na tambayi kaina me takamaimai ban iya ba. Ashe raba lamba mai ɗigo ne. Sai na rubuta: tambaya biyar daren yau, biyar gobe, in nuna wa wata 'yar ajinmu da ta iya. Na ci 11 a wannan gwajin. Ba wani abin alfahari ba ne, amma ya fi 4.

Saura gonar baba. Wannan ba ni da iko a kanta, ba ni ke tsayar da ruwa ba. Na bar kaina na yi tunaninta sosai, har na yi ɗan kuka, na yi addu'a, na roƙi gwaggo ta kira gida ranar Asabar in ji muryarsu. Da aka kira salla na ninke takardar na tashi. Tashin nan shi ne mafi wuya, kuma dole ka tashi zuwa wani aiki, kamar ɗibar ruwa ko hira da mutane.

Na yi kurakurai. Da farko na sa lokacin bayan isha'i a kan shimfiɗata, sai na kasa barci. A bar tazara mai yawa tsakaninsa da kwanciya. Sannan akwai kwana biyu da na tsallake, nan take damuwar ta daina yarda da "sai yamma", kamar ƙanen da aka yi wa alkawarin alawa aka saɓa. Ko takardar babu komai, ka je ka zauna. Kuma kada ka zata ranar farko za ta yi daɗi. Ni a makon farko layukan da na ja a gefen "gonar baba" sun kai goma sha huɗu a rana ɗaya. A mako na uku ba sa wuce huɗu ko biyar. Da wannan ƙirga ne za ka gane ko dabarar tana yi maka aiki, domin gonar tana nan a bakin ruwa, babu abin da ya canza a can.

Amma akwai abubuwan da ba a ɗagewa. Idan wani yana dukanka, ko yana tsoratar da kai, ko yana taɓa jikinki ta hanyar da ba ta dace ba, ko kana jin ciwo, ko tunanin cutar da kanka ya zo maka, kada ka rubuta ka jira yamma. Ka gaya wa babban da ka amince da shi a lokacin. Haka kuma idan ka yi makonni kana gwadawa amma har yanzu ba ka iya ci ko barci, ko gabanka yana ta faɗuwa, ka gaya wa iyaye ko malami domin a kai ka wurin likita.

Masu jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, kada ku jira sai saura mako ɗaya, domin abin yana son sabo. Takardar da aka yage daga tsohon littafi ma ta isa.

Daga wata ɗalibar aji biyu, Ƙungiyar 'Yan Jarida.