Abin da Ke Hana Faifan NTFS Buɗewa a Linux

Ka jona faifan ajiyarka a kwamfuta mai Linux, ya ƙi buɗewa, saƙo ya fito ɗauke da kalmar `unclean`. Kada ka yi gaggawar goge shi! Sau da yawa fayilolinka suna nan lafiya.

NTFS tsarin Windows ne, kuma yakan sa wa faifai alamar aiki bai kammala ba. Idan aka fizge kebul ana tsakiyar rubutu, alamar takan zauna. Haka ma Fast Startup, wanda ya zo da Windows 8 a 2012: ka danna kashewa, amma kwamfutar barci kawai ta yi, tana riƙe da faifan. Linux na ganin haka sai ya ja baya, don kada ya lalata bayanai. Ni dai ina ganin ya kyauta.

Magani mafi aminci shi ne ka mayar da faifan Windows, ka rubuta `chkdsk E: /f` (in E ne harafinsa), sannan ka cire shi ta hanyar Eject kafin ka kashe kwamfutar. In babu Windows a kusa, duba sunan faifan da `lsblk`, sannan:

```
sudo ntfsfix -d /dev/sdb1
```

Wannan alamar yake sharewa tare da ƙananan gyare-gyare, ba ya gyara babbar ɓarna. Saboda haka da ya buɗe, fara kwashe muhimman fayilolinka.