Faifan Beatles na 1964: Yadda Ake Gane Jabu Daga Na Asali

A ranar 10 ga Janairu, 1964, kamfanin Vee-Jay na birnin Chicago a Amurka ya saki faifan garmaho mai suna Introducing... The Beatles. Bai daɗe a kasuwa ba. Rigima ta kaure a kotu tsakanin Vee-Jay da kamfanin Capitol kan ikon sayar da waƙoƙin, aka sasanta cewa Vee-Jay zai daina bugawa a tsakiyar Oktoban shekarar. A 'yan watannin nan an sayar da kusan kwafi miliyan ɗaya da dubu ɗari uku na mono, mai muryar da ke fitowa ta hanya ɗaya, na sitiriyo kuwa, wanda ke raba sauti hagu da dama, kimanin dubu arba'in da ɗaya kacal.

Wannan ƙarancin ne ya jawo masu buga jabu. Daga ƙarshen shekarun 1960 har zuwa shekarun 1990 suka yi ta kwararo da nasu, mafi yawa da rubutun sitiriyo a jikin kwali, tunda shi ne mai tsada. Yau idan mutum ya tsinci faifan nan a shagon tsofaffin kaya, ya fi kusa da zama jabu fiye da na gaske.

Ba duk faifan da aka buga ba izini ne ke neman yaudarar mai saye ba. A 1969 an fitar da Great White Wonder, tarin waƙoƙin Bob Dylan da kamfaninsa bai saki ba, cikin farin kwali fayau. Wanda ya saya ya san abin da ya saya. Jabun Vee-Jay daban ne, domin an yi shi ne don a ɗauka na asali ne, kuma a wurare uku asirinsa ke tonuwa.

Na farko shi ne takardar da aka manna a tsakiyar faifan, wadda ta kewaye hudar. A bugun asali, sunan faifan da sunan mawaƙan duka suna saman hudar. A yawancin jabun kuwa, sunan faifan yana sama, The Beatles yana ƙasa, huda ta raba su. Masu tara faifai sukan tsaya nan, don wannan kaɗai ya isa hukunci. Akwai kuma zoben launukan bakan gizo da ya zagaye baƙar takardar a yawancin bugun asali: jabu da dama sun rasa kore a cikinsa, launukan kuma sukan hau juna da kaushi. Sai dai a yi hattara da saurin yanke hukunci, domin Vee-Jay ya raba aikin ga masana'antu da yawa cikin gaggawa, har aka sami takardun tsakiya iri-iri, wasu ma ba zoben launi, kuma duk na gaske ne.

Wuri na biyu ya fi muhimmanci, kuma shi ne mafi yawan mutane ba su taɓa lura da shi ba. Tsakanin ƙarshen waƙa ta ƙarshe da takardar tsakiya akwai fili sumul inda allura ke zagayawa shiru. Idan aka karkata faifan a gaban fitila, za a ga lambobi da haruffa a wurin. Asalinsu daga ranar da aka yanka faifan uwa ne: injiniya yana yanka sautin a kan faranti mai laushi, sannan ya zana lambar aikin da tsinke a wannan fili. Daga farantin ake yin tamburan ƙarfe da ke matse narkakkiyar roba, don haka duk faifan da ya fito daga tambari ɗaya yana ɗauke da rubutu iri ɗaya, har karkacewar hannun marubucin. A bugun farko na faifan Vee-Jay ana ganin 63-3402 a fuska ɗaya, 63-3403 a ɗayar.

To, mai jabu ba shi da faifan uwa. Abin da yake yi shi ne ya ɗauki sauti daga faifan da ya saya, ya yanka sabon faranti, ya kwaikwayi lambar da hannunsa. Lambar kan iya yin daidai, shi ya sa ganinta kaɗai ba shaida ba ce. Abin da ke gagararsa shi ne hatimin da aka buga da inji. Na asali da yawa suna ɗauke da sunan Audio Matrix, ko haruffan MR cikin da'ira, alamar masana'antar Monarch ta Los Angeles, a nutse tsaf da gefuna masu kaifi. Faifan da komai nasa zanen hannu ne, ba hatimi ko ɗaya, abin zargi ne. Faɗin filin ma yana magana: a na asali bai wuce inci ɗaya ba, alhali a jabu da yawa ya zarce haka, saboda sabon mai yankan ya matse layukan waƙar fiye da na farko. Sannan a ɗora allura. In kwali ya ce sitiriyo amma kunne ya ji murya da kiɗa a dunƙule a tsakiya, magana ta ƙare.

Na uku shi ne kwalin. Hoton bangon, wanda Angus McBean ya ɗauka, yana da inuwar George Harrison a gefen dama, kuma a jabu masu yawa inuwar ta ɓace. Ba gangan ba ne. Mai jabu hoton kwalin da aka riga aka buga yake ɗauka ya sake bugawa, kuma duk bugun madaba'a ɗige-ɗige ne ƙanana. In aka ɗora sababbin ɗigo a kan tsofaffi, wurare masu ɗan duhu su dushe, fuskoki su yi ja ko rawaya fiye da kima, ƙananan haruffan baya su kumbura. Gilashin ƙara girma na mai gyaran agogo yana nuna wannan cikin minti ɗaya. Wasu jabun har da ruwan ƙasa suka zagaye hoton, abin da Vee-Jay bai taɓa yi ba. Amma kwali shi ne shaida mafi rauni, domin ana iya zura jabun faifai a kwalin gaske.

Kaset ba shi da lambar da aka zana irin ta garmaho, kuma kwafarsa ba ta bukatar masana'anta, shi ya sa ya cika kasuwannin Najeriya a shekarun 1980, ya kuma taimaka wajen sa manyan kamfanoni irin su EMI da PolyGram janye hannu daga ƙasar. Shi jikinsa ake dubawa. Na kamfani galibi an yanka zarensa daidai tsawon waƙoƙin, na kwafi kuwa a kan kaset ɗin kanti mai minti sittin ko casa'in ake ɗauka, sai waƙa ta ƙare a bar dogon shiru, ko ta yanke a tsakiya. Ramukan sama da ke hana gogewa, a na kamfani haka aka ƙera su a buɗe. A na kwafi ana ganin gurbin harshen da aka ɓalle. Takardar ciki ta jabu kan zama siririya, bayanta fari fat, ba sunayen makaɗa ko na masu haƙƙi.

Duk wanda za a sayar wa tsohon faifai da tsada, ya nemi a nuna masa filin nan na kusa da takardar tsakiya a gaban haske, fuska biyun duka, kafin ya taya.