Kare Kai a Dokar Gana: Duka Nawa Ne Doka Ta Yafe?

Tun bayan arangamar da gungun matasa suka yi da adduna a Nima da Maamobi a watan Janairun 2022, wadda bidiyonta ya zaga wayoyin jama'a, magana ɗaya ce ke yawo a majalisun zango daga Nima har Madina: "Ai shi ya fara." Da yawanmu mun ɗauka cewa muddin wani ya riga ka ɗaga hannu, doka ta sakar maka mara ka yi masa yadda ka ga dama. Wannan fahimta ta kai 'ya'yan mutane kurkuku, kuma abin takaici ne a ji dattawa ma suna maimaita ta.

Gaskiya ne dokar laifuffuka ta Gana ta 1960, wadda lauyoyi ke kira doka ta 29, ta yarda mutum ya kare kansa. Sashe na 37 ya ce zai iya amfani da ƙarfin da ya zama dole don kare kansa ko wani, har ya kai ga kisa idan tura ta kai bango. Amma sashe na 32 ya gindaya sharaɗi: duk ƙarfin da ya zarce buƙata, a yawansa ko a irinsa, ba shi da kariya. Shi ya sa kotu ba ta tsayawa kan wanda ya fara. Duka ɗaya bayan ɗaya take bi tana tambaya: lokacin da wannan ya sauka, akwai sauran haɗari?

Mu ɗauki misalin mai rumfar tura kuɗi ta waya a kasuwar Madina. Da magariba wani ya zaro masa wuƙa, ya ritsa shi, ba hanyar fita. Mai rumfa ya rarumi katako ya kwaɗa masa. Wannan kare kai ne tsantsa, kuma ko da dukan ya zo da ajali, sashe na 37 na iya wanke shi, domin ransa ne ke kan siraɗi. To, a ce wuƙar ta faɗi, ɓarawon ya zube, maƙwabta sun danne shi. Doka ta ba su damar kama shi da riƙe shi, su miƙa wa 'yan sanda ba da ɓata lokaci ba. Idan mai rumfa ya dawo ya ƙara masa uku a ka, waɗannan ukun ramuwa ce. Kamar ruwan kashe gobara ne: wuta ta mutu, wanda aka ci gaba da kwararawa ɓarna kawai yake yi.

Idan mutumin ya cika a wannan mataki, tuhumar kisan kai ce, wadda hukuncinta ya koma ɗaurin rai da rai tun da majalisar dokoki ta soke hukuncin kisa a kanta a 2023. Akwai sassauci a sashe na 52: wanda yake da hujjar kare kansa tun farko, amma firgicin mutuwa ko mummunan rauni ya gusar masa da hankali har ya wuce gona da iri, ana iya sauko masa da laifin zuwa mataki na ƙasa da kisan kai. Wannan ragi ne kawai, kurkuku na nan tana jiransa. Kuma kotu na da hanyar ganewa: rahoton likita zai nuna yawan raunuka da inda suke, ko a ƙirji ko a ƙeya, sannan bidiyon da 'yan kallo suka ɗauka zai nuna ko mamacin yana tsaye ko yana kwance.

Su kuwa masu haɗa gayya su fita fito-na-fito, sashe na 38 ya rufe musu ƙofa: ƙarfin da aka yi amfani da shi a haramtaccen faɗa ba ya samun kariya. Wanda ya je gida ya ɗauko adda ya dawo fagen, zai yi wuya ya gamsar da alƙali cewa tsira yake nema. Haka ma taron dangi a kan wanda aka yi wa ihun "ɓarawo". A ranar 29 ga Mayun 2017 aka kashe hafsan soja Maxwell Mahama a Denkyira-Obuasi bisa zaton ɗan fashi ne, kuma a Janairun 2024 kotu a Accra ta ɗaure mutum 12 rai da rai.

Ba a musun cewa jinkirin 'yan sanda da sakin waɗanda aka kama ba bayani su ke tunzura mutane ɗaukar doka a hannu, kuma hukuma na da nata alhakin a nan. Amma wannan uzuri ba ya fitar da kowa a gaban alƙali. Ya kamata sarakunan zango da limamai su riƙa faɗa wa matasa ƙarara cewa da zarar an kwance wa mahari makami an riƙe shi, aikin da ya rage shi ne kai shi caji ofis da ransa.